Yadda ake bin diddigin takardar bayanin katin bashi: mafi ƙarancin biya, kuɗin ruwa da caje-caje

Koke biyu ne suka fi yawa a bakin masu riƙe da katin bashi. Na farko shi ne na mutumin da yake biyan abin da aka nema daga gare shi kowane wata, bai taɓa makara ba, amma bayan shekara guda sai ya ga bashin kamar ba a taɓa shi ba. Na biyu shi ne na wanda ya daure ya biya dukan abin da aka rubuta masa a takarda, ya ɗauka ya rabu da bashin, sai wata mai zuwa ya tarar da sabon kuɗin ruwa yana jiran sa. A mafi yawan lokuta babu kuskure a lissafin bankin da ya bayar da katin, haka sharuɗɗan suka tsara tun farko. A wasu lokutan kuma akwai kuskure na gaske, kuma ba za a iya bambance wannan da wancan ba sai an ajiye takardar bayanin wata kusa da takardar yarjejeniyar katin, an sake yin lissafin da hannu.

Lissafin bai wuce tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa ba. Abin da yake rikita mutane shi ne takardar tana zuwa sau ɗaya a wata, alhali kuɗin ruwan kullum ake lissafa shi.

Kalmomin da ya kamata a fara fahimta

Takardar bayani tana ba da rahoton wani zango ne, wanda yawanci yake tsakanin kwana 28 zuwa 31. Ranar ƙarshe ta zangon ita ce ranar rufe lissafi, kuma duk abin da mai kati ya saya ko ya biya bayan wannan rana ba zai fito ba sai a takarda ta gaba. Ranar rufe lissafi daban take da ranar wa'adin biya, wadda take zuwa bayan makonni uku ko ɗan fiye da haka. A Amurka, dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta a aika wa mai kati takardarsa aƙalla kwana 21 kafin wa'adin biya ya cika.

Tsakanin ranakun nan biyu ne ake samun abin da za a iya kira lokacin sassauci. Idan mai kati ya biya jimillar bashin da aka rubuta masa, ba tare da ya bar ko kaɗan ba, kafin wa'adi ya cika, to ba a ɗora masa kuɗin ruwa a kan sayayyarsa. Sassaucin yana da sharaɗi, domin a yawancin katuna sai an biya takardar watan da ya gabata ma gaba ɗaya. Da zarar an bar ragowa ta tsallaka zuwa sabon zango, sassaucin ya tashi, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake farawa.

Kuɗin ruwa kuwa ana bayyana shi ne da kaso na shekara, wanda takardu da yawa suke rubuta wa APR. Kati ɗaya yakan ɗauki kaso fiye da ɗaya: akwai na sayayya, akwai na cire tsabar kuɗi wanda galibi ya fi tsada, akwai kuma na bashin da aka ɗauko daga wani kati aka mayar kan wannan. Saboda haka bashin da yake kan katin ba dunƙule ɗaya ba ne a idon banki, kashi-kashi ne, kowane kashi da ruwansa. Takarda mai kyau tana da wani ɗan jadawali, sau da yawa a shafi na biyu ko na ƙarshe, da yake nuna kowane kashi, kasonsa, adadin da aka lissafa ruwa a kansa, da ruwan da ya fito. Mutane da yawa ba sa kaiwa wannan shafi, alhali a nan ne amsar take.

Misalin da za a bi har ƙarshe

A ɗauki kati mai waɗannan sharuɗɗa, kuma alƙaluman na misali ne, suna aiki da kowane irin kuɗi. Ruwan sayayya kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, ana raba shi da kwana 365. Ana cajin kashi 3 cikin ɗari a kan duk sayayyar da aka yi da kuɗin wata ƙasa, kuma ana shigar da wannan caji ne a ranar rufe lissafi. Mafi ƙarancin biya shi ne kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗi, a haɗa da kuɗin ruwan watan da duk wani caji.

Zangon ya fara ranar 1 ga Afrilu ya ƙare ranar 30. Mai katin ya shigo watan da ragowar bashi na 100,000 da bai biya ba tun baya. Ranar 11 ga wata ya biya 20,000. Ranar 21 ya yi sayayya ta 30,000 a intanet daga wani ɗan kasuwa da yake wata ƙasa. Da takarda ta iso, sai ta nuna kuɗin ruwa 1,907, caji 900, sabuwar jimilla 112,807, mafi ƙarancin biya kuma 3,907.

Matakin farko ba ya buƙatar duba yarjejeniya ko kaɗan. A tabbatar cewa jimillar da aka buɗe wannan takarda da ita ta yi daidai da wadda aka rufe takardar watan Maris da ita. Daga nan a ɗebe abin da aka biya, a ƙara sayayya, caji da ruwa:

```
100,000 − 20,000 + 30,000 + 900 + 1,907 = 112,807
```

Idan wannan bai fito daidai ba, to akwai wani abu da aka shigar sau biyu, ko wani biya ko kuɗin kayan da aka mayar da ba a shigar ba, kuma babu amfanin ci gaba sai an gano shi. A wannan mataki ne kuma ake bin jerin sayayya ɗaya bayan ɗaya ana gwada su da rasit. Ya kamata a lura cewa sunan da yake fitowa a takarda ba lallai ne ya zama sunan da aka sani na shagon ba, wani lokaci sunan kamfanin da ya mallake shi ne ko na kamfanin da yake karɓar masa kuɗi, don haka adadi da kwanan wata sun fi suna amfani wajen gane sayayya.

Inda kuɗin ruwa ya fito

Wanda bai saba ba zai ce kashi 24 a shekara kashi 2 ne a wata, sai ya ninka shi da 80,000 da ta rage bayan biya ya samu 1,600, ko ya ninka da 110,000 ya samu 2,200. Duka biyun ba su dace da 1,907 da ke takarda ba, kuma wannan rashin dacewa ne yake sa wasu su zaci an cuce su. Hanyar da mafi yawan bankuna suke bi ita ce ta matsakaicin bashin kullum: ana duba abin da ake bin mai kati a kowace rana ta zangon, a tara su duka, a raba da yawan kwanakin.

A misalinmu, daga ranar 1 zuwa ranar 10 bashin 100,000 ne, kwana goma ke nan, jimilla 1,000,000. Daga ranar 11 zuwa ranar 20 ya sauko zuwa 80,000, kwana goma, jimilla 800,000. Daga ranar 21 zuwa ranar 30 ya hau zuwa 110,000, kwana goma, jimilla 1,100,000. Idan aka haɗa su an samu 2,900,000, idan kuma aka raba da kwana 30 matsakaicin ya kai kusan 96,667. Wannan adadi ne ya kamata a gani a jadawalin ruwa a matsayin abin da aka lissafa ruwa a kansa. Sai a ninka shi da kason shekara, a raba da 365, a ninka da kwanakin zango:

```
96,667 × 0.24 ÷ 365 × 30 = 1,907
```

Lissafin ya dace, saboda haka ruwan da aka caja yana kan ƙa'idar yarjejeniya.

Akwai abubuwa biyu da wannan lissafi ya fito da su fili, waɗanda jimilla kaɗai ba za ta nuna ba. Na farko, sayayyar ranar 21 ta fara cin ruwa tun ranar da aka yi ta, domin mai katin ya riga ya rasa lokacin sassauci da ya shigo watan da ragowa. A cikin 1,907 ɗin nan, kusan 197 na wannan sabuwar sayayya ce a kwana goma kacal. Da a ce ya biya takardar Maris gaba ɗaya, da wannan sayayya ba ta ci ruwa ba har zuwa wa'adin watan Mayu. Na biyu, ranar da aka biya tana da tasiri ko da ba a makara ba. Da ya jinkirta biyan 20,000 ɗin da kwana goma, har yanzu yana cikin wa'adi kuma ba za a ci shi tara ba, amma da ruwan ya ƙaru da kusan 132. Ga mai ragowar bashi, wa'adi yana kare shi ne daga tara kawai, ba ya tsayar da ruwa.

Ba kowane kati ne zai fitar da 1,907 cif ba ko da kaso da ranakun iri ɗaya ne, kuma ya kamata a san dalilan kafin a kai ƙara. Wasu bankuna suna haɗa ruwan kowace rana da bashin kafin su lissafa na washegari, wato ruwa yana haihuwar ruwa kullum, kuma a wannan misali hakan zai ba da kusan 1,925. Wasu suna raba kason shekara da 360 maimakon 365, abin da zai ba da 1,933. Wasu kuma suna shigar da cajin 900 tun ranar sayayya, sai ya ƙara kusan 6 a ruwan. Dukan waɗannan a rubuce suke a sashen yarjejeniya da yake bayanin yadda ake lissafin ruwa. Bambancin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na adadin ruwan ba galibi daga irin waɗannan yake fitowa. Amma idan an ga tazara mai faɗi, kamar ruwan ya zo 2,400 a inda ake sa ran 1,900, to a duba abu uku: ko kason da aka yi amfani da shi ya bambanta da na yarjejeniya, ko an shigar da biya a ranar da ta wuce ranar da kuɗin ya isa, ko kuma an sanya wata sayayya a kashin cire tsabar kuɗi.

Game da canjin kaso, ba duk canji ne yake saɓa yarjejeniya ba. Katuna da yawa kasonsu a ɗaure yake da wani ma'aunin ruwa na kasuwa, yana hawa yana sauka tare da shi. Akwai kuma kason talla mai rahusa da ake bayarwa na wasu watanni, wanda idan ya ƙare ragowar bashin take komawa kan cikakken kaso. Ranar ƙarewarsa tana cikin takardun da aka sa wa hannu, kuma ita ce abin da za a fara nema idan ruwa ya yi tsalle kwatsam.

Ruwan da yake biyo baya

Yanzu ga koke na biyu. A ce mai katin nan ya yanke shawarar rufe bashin, ya biya 112,807 gaba ɗaya, kuɗin ya shiga ranar 21 ga Mayu, kwanaki kaɗan kafin wa'adi. Takardar da ya biya ta tsaya ne a ranar 30 ga Afrilu, amma bashin bai daina cin ruwa a wannan rana ba. Daga ranar 1 zuwa ranar 20 ga Mayu ana bin sa 112,807, kowace rana tana jawo ruwa kusan 74, don haka takardar watan Mayu za ta zo da kusan 1,480, duk da cewa bai sayi komai ba. Wannan ba kuskure ba ne, ruwan kwanakin da suka shiga tsakanin rufe lissafi da isowar kuɗi ne.

Haɗarin da ke cikinsa ya fi girman adadin. Mutumin da ya tabbata ya gama biya yakan daina buɗe takardunsa, sai wannan ɗan ƙaramin adadi ya wuce wa'adi, tarar jinkiri ta hau kansa, kuma idan jinkirin ya yi tsawo ya shiga tarihin bashinsa. Mai son rufe bashi a lokaci ɗaya zai iya tambayar banki ainihin adadin da zai share komai a ranar da zai biya, sannan ya duba takardu biyu masu zuwa. A katuna da dama ma sai an biya cikakkiyar jimilla wata biyu a jere kafin lokacin sassauci ya dawo, kuma wannan ma yarjejeniya ce take fayyace shi.

Mafi ƙarancin biya da abin da yake ragewa

Bisa ƙa'idar katin misalinmu, kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗi 110,000 shi ne 1,100. A ƙara ruwa 1,907 da caji 900, an samu 3,907, daidai da abin da takarda ta nema. Wasu katuna suna bin wata hanya, suna neman wani kaso na sabuwar jimilla kai tsaye, kamar kashi 2 ko 3 cikin ɗari, kuma kusan dukansu suna da wani tsayayyen adadi da biyan ba zai gaza shi ba. Idan adadin da aka nema ya zarce abin da ƙa'ida ta fitar, a duba ko an haɗa da biyan watan baya da ya wuce wa'adi, ko abin da aka zarce iyakar katin da shi, domin yawanci ana ɗora su a kai.

Abin lura shi ne a cikin 3,907 ɗin nan, 1,100 ne kaɗai yake rage ainihin bashin. Kuma tun da ana lissafa shi ne a kan abin da ya rage, yana ƙanƙancewa tare da bashin, wata bayan wata. Idan mai katin ya ajiye shi bai sake sayen komai ba, yana biyan mafi ƙaranci kawai, uwar kuɗin za ta riƙa raguwa da kashi 1 cikin ɗari a wata, kuma sai bayan kusan wata 69, wato shekara biyar da wata tara, kafin ta sauko rabi. A wannan tsawon lokaci kuɗin ruwan da zai biya zai kai kusan 110,000. Ma'ana, zai biya kwatankwacin dukan bashin a matsayin ruwa, kuma har yanzu ana bin sa 55,000.

A gwada wannan da biya tsayayye. Mafi ƙarancin biya a kan 110,000, idan babu caji, kusan 3,300 ne a watan farko. Idan mai katin ya tsayar da kusan 4,316 a kowane wata, ba ya ragewa ko da takarda ta nemi ƙasa da haka, bashin zai ƙare cikin wata 36, ruwan da zai biya gaba ɗaya kuma kusan 45,400 ne. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu a watan farko kusan 1,000 ce kawai. Abin da ya raba su sosai shi ne ɗaya biyansa yana bin bashin ƙasa, ɗayan kuma ya tsaya cik.

Mahawarar da ake yi a kan wannan adadi

Masu bayar da katuna suna kare ƙaramin biya da cewa shi ne mafakar wanda samunsa ba ya zuwa daidai kowane wata. Idan aka ɗaga shi sama, in ji su, mutanen da suke iya riƙe asusunsu lafiya a watan ƙunci za su gaza, tara ta hau kansu, tarihin bashinsu ya ɓaci, kuma babu abin da ya hana mai hali ya biya fiye da abin da aka nema. Wannan hujja tana da nauyi, domin gazawar biya ta fi jan ruwa illa ga mai kati a kusa.

Masu fafutukar kare haƙƙin masu amfani da katuna kuwa suna cewa adadin ba ya tsayawa a matsayin iyaka ta ƙasa, yana zama ma'aunin da mutane suke auna biyansu da shi. Wani bincike da Neil Stewart na Jami'ar Warwick ya wallafa a 2009 ya nuna cewa ganin mafi ƙarancin biya a takarda yana sa waɗanda suke biyan wani ɓangare su biya ƙasa da abin da za su biya da ba su gan shi ba. Suna ƙara da cewa mai biyan ƙaramin adadi na tsawon shekaru yana cikin waɗanda suka fi kawo wa banki riba, don haka bankin ba shi da dalilin gaggauta masa fita.

Hukumomi sun bi tsakiya, ba su soke tsarin ba amma sun yi masa shinge. Dokar Amurka ta 2009 ta wajabta a buga gargaɗi a takarda da yake nuna tsawon lokacin da bashin zai ɗauka da jimillar abin da za a biya idan mafi ƙaranci kawai ake biya, tare da adadin da zai share shi cikin shekara uku. A Birtaniya, asusun da aka buɗe daga Afrilun 2011 dole mafi ƙarancin biyansa ya rufe ruwa da caji da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na bashin, domin kada bashi ya riƙa girma alhali ana biya. A 2018 kuma hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta tilasta wa bankuna su tuntuɓi duk wanda cikin wata 18 abin da ya biya na ruwa da caji ya fi abin da ya rage na uwar kuɗi, kuma idan abin ya kai wata 36 su ba shi hanyar fita daga bashin cikin lokaci mai ma'ana. Wannan ma'auni kowa zai iya amfani da shi a kan takardunsa ko a wace ƙasa yake: a misalinmu ruwa da caji 2,807 ne, abin da mafi ƙarancin biya yake ragewa kuma 1,100.

Caje-caje

Caji ya fi ruwa sauƙin tantancewa, domin kowanne dole ya kasance da suna da adadi ko kaso a jadawalin yarjejeniya, sannan da wani abu da ya faru wanda ya jawo shi. Cajin 900 na misalinmu kashi 3 ne cikin ɗari na 30,000, kuma sayayyar da ta jawo shi tana nan a jeri. Irin wannan caji yakan ba mutane mamaki saboda ba su yi tafiya ba, amma abin da ake dubawa shi ne nau'in kuɗin da aka yi cinikin da shi, a wasu katunan kuma ƙasar da aka sarrafa cinikin, ba inda mai kati yake zaune ba.

Tarar jinkiri ita ce ta fi jawo jayayya, kuma tambayoyinta biyu ne. Shin kuɗin ya isa asusun kati kafin wa'adi, ba ranar da aka tura shi ba, domin tura kuɗi daga wani banki yana iya ɗaukar kwanaki, kuma akwai sa'ar da idan ta wuce ake ƙidaya biyan a na washegari. Shin kuma abin da aka biya ya kai mafi ƙaranci cif, domin biyan 3,900 a inda aka nemi 3,907 yana iya jawo tara kamar ba a biya a kan lokaci ba. Wannan yakan faru ga waɗanda suka kafa umarnin biya na wani tsayayyen adadi tun lokacin da bashin yake ƙarami.

Cire tsabar kuɗi kuwa yana cin mai kati ta fuska uku: akwai cajin cirewa nan take, akwai kaso mafi tsada, kuma galibi babu lokacin sassauci ko da an saba biyan komai a kan kari. Wasu mu'amalolin da mai kati yake gani a matsayin sayayya, kamar sayen kuɗin waje ko tura kuɗi ga wani, banki yana iya lissafa su a wannan kashi. Idan kati yana ɗauke da kashi biyu a lokaci ɗaya, sai a duba inda biya ya tafi, ta hanyar gwada jadawalin ruwa na wata biyu a jere a ga wane kashi ne ya ragu. A Amurka doka ta ce abin da ya haura mafi ƙarancin biya ya fara zuwa kan kashi mafi tsada, amma mafi ƙarancin kansa banki yana iya kai shi kan kashi mafi rahusa. Wanda yake biyan ƙaramin adadi kawai, saboda haka, yana iya daɗewa bashinsa mafi tsada bai motsa ba.

Idan an gano kuskure

Ƙorafin da ya fi saurin samun amsa shi ne wanda ya ambaci ranar takarda, layin da ake jayayya a kansa, adadin, da sashen yarjejeniyar da aka saɓa, tare da shaidar biya ko rasit. Kiran waya yana iya warware ƙaramin abu kamar tarar da aka ci bisa kuskure, amma rubutaccen ƙorafi ne yake barin shaida. Akwai kuma wa'adi: a dokar Amurka ta 1974 kan kurakuran lissafin bashi, dole rubutaccen ƙorafi ya isa cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar da kuskuren ya fara fitowa a cikinta, banki ya amsa cewa ya karɓa cikin kwana 30, ya kammala bincike cikin zango biyu ba tare da wuce kwana 90 ba. Wasu ƙasashe suna da nasu wa'adin, kuma yawanci a rubuce yake a bayan takardar.

Yayin da ake bincike, mai kati ya ci gaba da biyan ɓangaren da ba ya jayayya a kansa, aƙalla mafi ƙarancin da ya hau kansa, domin dakatar da biya gaba ɗaya yana haifar da tara ta gaske a kan ƙorafin da watakila yake da gaskiya a cikinsa. Idan kuma banki ya amince ya janye wani caji ko wata sayayya, a duba takarda ta gaba a ga ko ya janye har da ruwan da adadin ya tara tun ranar da aka shigar da shi. Cajin 2,500 da ya zauna kwana 60 a kan kashi 24 cikin ɗari ya tara ruwa kusan 99, kuma wannan ma yana cikin abin da za a nemi a mayar.